Yadda ake lissafawa da zana matsawar layin LM idan farashi ya canja

Shekara da shekaru ke nan ina zama da ɗaliban tattalin arziki a nan Sakkwato duk sanda jarrabawa ta matso, wasu daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu daga Jami'ar Jihar Sakkwato. Akwai tambaya guda da nake ganin tana kayar da yaran da suka yi karatu sosai: farashi ya tashi, me zai sami layin LM, wato layin da ke nuna inda buƙatar kuɗi ta yi daidai da kuɗin da ake da su? Kusan kowa ya haddace amsar, wato zai matsa hagu. Amma da ka ce da nawa zai matsa, ko ka ce a saka dukiyar mutane cikin lissafin, sai alƙalami ya tsaya. Abin da zan nuna maka a nan shi ne yadda nake yin aikin da kaina, daga farko har ƙarshe, da misali guda ɗaya tak wanda za mu bi har mu gama da shi.

Kayan aiki

Takardar giraf falle biyu, fensir mai tsini, rula, magogi da kalkuleta. Biro mai launi biyu yana taimakawa wajen raba tsohon layi da sabo. In babu takardar giraf, ka ɗauki fallen littafin rubutu mai layi-layi, ka ja layukan tsaye da rula, kowanne santimita ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa. In babu kalkuleta, ta waya ta isa, kuma na zaɓi lambobin da za a iya yi da hannu.

Sai kuma lambobin misalinmu. Ƙirƙirarsu na yi domin koyarwa, ba alƙaluman Najeriya ba ne. Ka kwafe su a saman takardarka:

```
C = 200 + 0.75(Y − T)
I = 300 − 20r
G = 200,  T = 200
L = 0.5Y − 40r
M = 600,  P = 2
B = 900
```

Y shi ne jimillar abin da ƙasa ke samarwa, wanda kuma shi ne kuɗin shigar jama'a. C sayayyar magidanta, I zuba jari, G abin da gwamnati ke kashewa, T haraji. L buƙatar riƙe kuɗi a hannu, M yawan kuɗin da ke yawo, P matakin farashi, B kuma takardun bashin gwamnati da ke hannun jama'a. Harafin r kuɗin ruwa ne, kuma muna rubuta shi a matsayin 10 idan kashi 10 cikin ɗari ake nufi, ba 0.10 ba. Ka kula da wannan tun yanzu, domin wanda ya saka 0.10 a wurin 10 duk amsoshinsa za su ɓaci.

Ɗalibai da dama a garin nan sukan tambaye ni, cikin gaskiya, me ya haɗa su da kuɗin ruwa tunda ba sa ci ba sa bayarwa. Abin da nake ce musu shi ne, a wannan lissafin r yana tsaye ne a matsayin abin da mutum ya rasa saboda ya bar kuɗinsa a aljihu. Wanda zai iya sayen sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, irin wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, amma ya zaɓi ya riƙe tsabar kuɗi, ya rasa ribar sukuk ɗin. Wannan rashin shi ne r ɗinsa.

Mataki na 1: Raba M da P kafin ka taɓa komai

Ka ɗauka wata baiwar Allah ta fito Babbar Kasuwa da naira 6,000, kwanon gero kuma yana naira 2,000. Kwano uku ne a jakarta. Bayan wasu watanni ta dawo da naira 6,000 ɗin nan dai, amma kwano ya koma 3,000. Yanzu kwano biyu ne a jakarta, alhali ko sisi bai ɓata ba. Abin da masana tattalin arziki ke kira kuɗi na haƙiƙa ke nan: ba yawan takardun naira ba, yawan kayan da takardun za su iya ɗaukowa. A rubuce, M/P.

Mutane suna riƙe kuɗi ne domin cefane, biyan leburori da kuɗin mota, don haka buƙatarsu ta kwanukan gero ce, ba ta takarda ba. Shi ya sa L ake daidaita shi da M/P, ba da M ba.

```
M/P = 600/2 = 300
```

Da gangan na sa P ya fara daga 2. Littattafai da yawa suna farawa da P = 1, inda M da M/P suke zama lamba ɗaya, sai ɗalibi ya saba da saka M kai tsaye ba tare da ya san yana kuskure ba. Ranar da aka ba shi P = 2 a jarrabawa sai ya rubuta 600 a inda ya kamata 300 ta zauna.

Mataki na 2: Fitar da layukan biyu, ka nemo mahaɗarsu

Layin LM shi ne duk inda buƙatar kuɗi ta yi daidai da kuɗin haƙiƙa da ake da su:

```
300 = 0.5Y − 40r
Y = 600 + 80r
```

Layin IS kuwa daga kasuwar kaya yake fitowa, wato Y = C + I + G. Ka tara lambobin: 200, a cire 150 (shi ne 0.75 sau 200 na haraji), a ƙara 300, a ƙara 200, ya zama 550.

```
0.25Y = 550 − 20r
Y = 2200 − 80r
```

Ka lura da 0.25 ɗin nan. Raba ɗaya da shi yana ba da 4, kuma wannan 4 shi ne ninkin da duk wani canjin sayayya ko jari ke yi kafin ya gama zagaya tattalin arziki. Za mu yi amfani da shi nan gaba wajen gwada amsa.

Haɗa layukan: 600 + 80r = 2200 − 80r, wato 160r = 1600. Saboda haka r = 10, Y = 1400.

Mataki na 3: Zana

A layin kwance ka sa Y, kowace santimita ta tsaya a madadin 200, har zuwa 2400. A layin tsaye ka sa r, kowace santimita 2, har zuwa 20. Don LM ka ɗiga maki uku: Y = 600 a r = 0, Y = 1000 a r = 5, Y = 1400 a r = 10. Don IS: Y = 1800 a r = 5, Y = 1400 a r = 10, Y = 1000 a r = 15. Maki biyu sun isa a ja miƙaƙƙen layi, na ukun shaida ne. In rula ba ta bi ta kan duka ukun ba, akwai kuskure a lissafi, ka koma ka duba kafin ka wuce. Sa wa mahaɗar suna A.

Mataki na 4: Ɗaga farashi, ka bar M yadda yake

Yanzu P ya tashi daga 2 zuwa 3, Babban Banki kuma bai ƙara ko kwabo ba.

```
M/P = 600/3 = 200
200 = 0.5Y − 40r
Y = 400 + 80r
```

Dubi abin da ya canja da abin da bai canja ba. 80r yana nan, don haka karkatar layin ba ta taɓu ba, sabon layin zai tafi kafaɗa da kafaɗa da tsohon. Abin da ya canja shi ne mafarinsa, daga 600 zuwa 400. Layin ya matsa hagu da 200.

Akwai gajeriyar hanya da nake so ka riƙe. Kuɗin haƙiƙa sun ragu da 100. In kana son sanin matsawar ta kwance, raba 100 da lambar da ke gaban Y, wato 0.5, ka sami 200. In ta tsaye kake so, raba 100 da lambar da ke gaban r, wato 40, ka sami 2.5. Ma'ana, da a ce Y zai tsaya a 1400, sai r ya hau daga 10 zuwa 12.5 kafin kasuwar kuɗi ta daidaita. Matsawa hagu da matsawa sama abu ɗaya ne aka kalla ta fuska biyu, kada ka ƙidaya su sau biyu.

Dalilin hawan r kuwa mai sauƙi ne in ka tuna ɗan kasuwa. Mai sayen albasa da ya saba fita da adadin kuɗin da zai cika mota, ya wayi gari kuɗin ba su kai ba. Ko ya nemi bashi, ko ya sayar da wata takardar da ya ajiye ya sami tsaba. Idan kowa yana haka a lokaci guda, masu neman kuɗi sun fi masu bayarwa, farashin takardun bashi ya faɗi, kuɗin ruwa ya hau.

Amma ba a 12.5 za a tsaya ba, kuma nan ne kuskure na biyu da nake yawan gani. Ɗalibi sai ya rubuta cewa Y ya ragu da 200 saboda layin ya matsa da 200. Ba haka ba ne. Sai ka koma ka haɗa sabon LM da IS:

```
400 + 80r = 2200 − 80r
r = 11.25,  Y = 1300
```

Y ya ragu da 100 ne kawai. Da r ya fara hawa, masu zuba jari suka ja baya, samarwa ta ragu, raguwar samarwa kuma ta rage buƙatar kuɗin hada-hada, sai hawan r ya tsaya a hanya. Sa wa wannan mahaɗar suna B1, kada ta rikice maka da B na takardun bashi.

Gwada amsarka ta hanya biyu. Ta farko, jari: a r = 10 yana 100, a r = 11.25 ya koma 75. Ya ragu da 25, sau ninkin 4, ya ba da 100. Daidai. Ta biyu, kasuwar kuɗi: rabin 1300 shi ne 650, a cire 450, saura 200, daidai da M/P. Wannan gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma ba na barin ɗalibi ya miƙa mini takarda sai ya yi shi.

Wannan hanyar, daga farashi zuwa kuɗin haƙiƙa, zuwa kuɗin ruwa, zuwa jari, ita ake jingina wa masanin tattalin arziki John Maynard Keynes. Shi kansa zanen layukan biyu John Hicks ne ya fito da shi a 1937, shekara ɗaya bayan babban littafin Keynes. In ka ɗiga P = 2 da Y = 1400, sannan P = 3 da Y = 1300 a wata takarda dabam, ka riga ka sami maki biyu a kan layin jimillar buƙata, wato layin da ke nuna yawan kayan da ake buƙata a kowane matakin farashi.

Mataki na 5: Shigar da dukiya cikin buƙatar kuɗi

Nan ne ainihin abin da ya sa na rubuta wannan bayani, don haka ka natsu.

Har zuwa yanzu mun ɗauka cewa kuɗin shiga da kuɗin ruwa ne kaɗai ke tantance yawan tsabar da mutum ke son riƙewa. Ka duba attajirai biyu masu ciniki iri ɗaya a wata, ɗaya yana da ajiya mai yawa, ɗayan ba shi da komai a gefe. Mai ajiyar yakan bar wani kaso na dukiyarsa a matsayin kuɗi tsaba ko a asusun da zai iya cirewa nan take. Dukiya in ta ƙaru, wannan kason ya ƙaru, in ta ragu ya ragu. To tashin farashi yana cin dukiyar da aka rubuta da naira, wato kuɗi da takardun bashi. Saboda haka farashi yana taɓa kasuwar kuɗi ta gefe biyu: yana rage kuɗin haƙiƙa da ake da su, yana kuma rage waɗanda ake so.

Fara da lissafa dukiyar haƙiƙa, mu kira ta W:

```
W = (M + B)/P
P = 2:  1500/2 = 750
P = 3:  1500/3 = 500
```

Ta ragu da 250. Mu ɗauka cewa mutane suna son riƙe kashi ɗaya cikin biyar na duk wani canjin dukiya a matsayin kuɗi:

```
L = 0.5Y − 40r + 0.2(W − 750)
```

Na rubuta W − 750 maimakon W kawai domin mafarinmu ya tsaya a A. A lokacin da P = 2, abin da ke cikin baka sifili ne, komai yana nan yadda muka bar shi. In malaminka ya ba ka 0.2W kai tsaye, babu laifi, sai dai dole ka sake lissafa mahaɗar farko da wannan sabuwar dabara kafin ka canja P. Kada ka kwatanta mahaɗar da aka samo da dabara ɗaya da wadda aka samo da wata.

Yanzu P = 3:

```
200 = 0.5Y − 40r − 50
Y = 500 + 80r
```

Mafarin layin ya koma 500, ba 400 ba. Layin LM ya matsa hagu, amma da 100 kawai, rabin abin da muka samu a baya. Kuɗin haƙiƙa sun ragu da 100, buƙatarsu ta ragu da 50 saboda mutane sun ji talauci, giɓin da r zai cike saura 50. Raba 50 da 0.5, ka sami 100.

Mafi yawan ɗalibai suna zaton akasin haka. Da sun ji an ce tasirin dukiya, sai su ɗauka ƙari ne a kan matsawar, su tura layin hagu da 300. Ka tuna cewa a kan LM, idan farashi ne ya canja, dukiya birki take takawa. Wurin da alama ke ɓata shi ne wajen ɗauke −50 zuwa ɗaya gefen: 200 da 50 ake tarawa a sami 250, ba cirewa ake a sami 150 ba.

Haɗa da tsohon IS: 500 + 80r = 2200 − 80r, wato r = 10.625, Y = 1350. Wannan ita ce B2. A nan takardarka ta farko za ta yi maka ƙanƙanta, domin makin sun kusa haɗewa. Ɗauki falle na biyu, ka fara layin kwance daga 1200 zuwa 1500, santimita biyu ga kowane 50, layin tsaye kuma daga 9 zuwa 13, santimita huɗu ga kowane 1. Za ka ga A, B1 da B2 a jere a kan layin IS, B2 daidai tsakiya.

Shin birkin zai iya tsayar da layin cak? Zai iya, a lissafi. Kwatanta M da 0.2 sau (M + B). A misalinmu 600 ne da 300, don haka rabi aka rage. Da B ya kai 2400, jimillar dukiya 3000 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar nata 600, daidai da M, kuma layin ba zai motsa ba komai tashin farashi. In ya wuce haka, layin zai koma dama. Idan lissafinka ya ba ka irin wannan amsar, ka fara zargin lambobinka tukuna, amma ka sani ba abu ne da dabarar ta haramta ba.

Wannan dabarar tana amsa wata tambayar da ake yawan haɗawa da ita. A bar P a 2, gwamnati ta ci bashi ta sayar wa jama'a ƙarin takardu na 500. W ya ƙaru da 250, buƙatar kuɗi ta ƙaru da 50, M/P kuma bai motsa ba. Layin LM zai matsa hagu da 100 ba tare da farashi ko Babban Banki sun yi komai ba. Wannan batu na tasirin bashin gwamnati ta hanyar dukiya shi ne Alan Blinder da Robert Solow suka yi nazari a kai a 1973.

Mataki na 6: Kada ka manta dukiya tana taɓa IS ma

Wanda ajiyarsa ta zube ba tsabar da yake riƙewa kaɗai yake ragewa ba, yana rage sayayya. Ya ɗage gyaran gida, ya rage ɗinkin Sallah. Wannan shi ne abin da Arthur Pigou ya yi magana a kai a 1943, Don Patinkin kuma ya faɗaɗa shi a 1956. Wurinsa layin IS ne, ba LM ba, kuma rikita su biyun shi ne kuskuren da ya fi cin maki a wannan darasi. Hanyar tunawa: tambayi kanka a cikin wace dabara W ya shiga. In cikin L ne, LM zai motsa. In cikin C ne, IS zai motsa.

```
C = 200 + 0.75(Y − T) + 0.06(W − 750)
```

Dukiya ta ragu da 250, sau 0.06, sayayya ta ragu da 15. Sau ninkin 4, IS ya matsa hagu da 60:

```
Y = 2140 − 80r
500 + 80r = 2140 − 80r
r = 10.25,  Y = 1320
```

Gwada: jari ya koma 95, wato ya ragu da 5. Sayayya ta ragu da 15. Jimilla 20, sau 4, ya zama 80, kuma 1400 a cire 80 saura 1320. A kasuwar kuɗi, 660 a cire 410 a cire 50, saura 200.

Ka tsaya ka kalli amsoshin uku tare. Ba tare da dukiya ba, r = 11.25, Y = 1300. Da dukiya a cikin L kaɗai, r = 10.625, Y = 1350. Da dukiya a wuri biyu, r = 10.25, Y = 1320. Duka tasirin biyu suna sauko da kuɗin ruwa, amma a kan samarwa suna jan igiya ne, ɗaya yana rage faɗuwar, ɗaya yana ƙara ta. Shi ya sa nake ƙin amsar baki a wannan tambaya. Sai an yi lissafi ake sanin wanda ya rinjaya.

Pigou yana da dalilin kawo nasa batun. Idan kuɗin ruwa ya yi ƙasa ƙwarai har mutane sun gwammace su riƙe duk wani ƙarin kuɗi, layin LM yakan kwanta, kuma matsa kwantaccen layi dama ko hagu ba ya canja mahaɗa. A wannan halin hanyar Keynes ta toshe, hanyar da ta rage wa farashi ita ce ta sayayya.

Mataki na 7: Tantance abin da za ka zuba cikin W

Kafin ka yi amfani da dabarar a wajen aji, ka duba me ka ƙirga a matsayin dukiya. Gona, fili, shanu da buhunan hatsi ba sa shiga, domin farashinsu yakan tashi tare da sauran kaya. Mai turken raguna a Kara ba ya cikin waɗanda tashin farashi ke ci ta wannan hanya. Wanda ake ci shi ne ɗan fansho mai kuɗi a asusu da mai takardar bashin gwamnati.

Bashin da ke tsakanin jama'a su ya su shi ma ba ya shiga. In wani yana bin maƙwabcinsa naira dubu ɗari, tashin farashi ya rage wa mai bin bashin, ya sauƙaƙa wa wanda ake bi, a jimilla babu abin da ya ɓata. Haka ajiyar banki da bankin ya ba wasu rance da ita. Michal Kalecki ya yi wa Pigou wannan gyaran tun 1944. Kuɗin da ya kamata ka ƙirga su ne waɗanda babu wani mutum cikin jama'a da ake bi bashinsu, wato na Babban Banki. A jarrabawa, in an ba ka M guda ɗaya ba a rarrabe ba, yi amfani da shi gaba ɗaya, amma ka rubuta layi ɗaya cewa ka ɗauka dukkansa irin wannan ne. Su ma takardun gwamnati akwai masu ja a kansu: Robert Barro ya kawo hujja a 1974 cewa jama'a za su biya su ta hanyar haraji nan gaba, don haka ba lallai su zama ƙarin dukiya ba. In tambaya ta ce ka bi wannan ra'ayi, cire B, W ya zama M/P kawai. A lokacin raguwar dukiya 100 ce, raguwar buƙata 20, giɓi 80, layin ya matsa hagu da 160.

Kuma cewa bashi ya soke kansa a takarda ba ya nufin ya soke kansa a rayuwa. Irving Fisher ya nuna a 1933 cewa faɗuwar farashi tana danne masu bashi har su karye. Manomin albasa a Goronyo da ya ci bashin taki da fetur, farashi ya faɗi lokacin girbi, naira nawa ya karɓa ita zai mayar, amma buhunan da zai sayar kafin ya haɗa ta sun ƙaru. Dabararmu ba ta ganin wannan, don haka kada ka ɗauka daga gare ta cewa faɗuwar farashi alheri ce ko da yaushe.

Abu biyu da ake rikitawa da canjin farashi

Na farko, ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin sauya fasalin kuɗi. Kowa a Sakkwato ya tuna layin banki da abin da masu POS ke caja kafin su ba ka tsaba. A lokacin ɓangaren sama na M/P ne aka taɓa, ba na ƙasa ba, kuma tsabar ce ta yi wuya, kuɗin suna nan a asusu. Tashin farashin da ya biyo bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 shi ne misalin canjin P. In tambaya ta ƙunshi canjin M da P tare, lissafa sabon M/P kawai. Idan duka biyun sun ninka, 1200 a raba da 4 har yanzu 300 ne, kuma layin mataki na 4 ba zai motsa ba. Na mataki na 5 kuwa zai ɗan matsa dama, saboda B bai ninka ba, darajarsa ta haƙiƙa ta zube.

Na biyu, matakin farashi dabam, hauhawar farashi dabam. Duk abin da muka yi tsalle ɗaya ne daga 2 zuwa 3, sannan aka tsaya. Idan farashi yana hawa kowane wata kuma mutane sun sa ran haka, kamar lokacin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana hauhawar kashi 34.8 cikin ɗari ta watan Disambar 2024, to kuɗin ruwan da mai riƙe tsaba ke dubawa ya bambanta da wanda mai zuba jari ke dubawa, sai an raba r gida biyu. Wannan darasi ne na daban, kada ka cusa shi cikin wannan.

Gwada hannunka

Share B1 da B2, ka bar A. Yanzu farashi ya sauka daga 2 zuwa 1.5, sauran lambobi suna nan. Bi matakan daga na 4 zuwa na 6, ka rufe sakin layi na gaba da takarda har sai ka gama.

M/P zai zama 400, W zai zama 1000. Ba tare da dukiya ba, LM shi ne Y = 800 + 80r, mahaɗa r = 8.75, Y = 1500. Da dukiya a cikin L, layin ya koma Y = 700 + 80r, mahaɗa r = 9.375, Y = 1450. Da dukiya a cikin C ma, IS ya zama Y = 2260 − 80r, mahaɗa r = 9.75, Y = 1480. In ka sami 900 a inda na sami 700, alamar 50 ɗin ce ta juya maka, koma mataki na 5.